Darasi na Goma Sha Ɗaya: Yadda Ma'aji Zai Taƙaita Kuɗin da Ƙungiya Ta Kashe, Wata-Wata da Rukuni-Rukuni

A ƙasar noman da ta miƙe daga Funtuwa ta bi ta Bakori har zuwa Malumfashi, ta haɗa da Ɗanja da Ƙafur da Ɗandume, da wuya a sami gari mai kasuwa wanda babu wata ƙaramar ƙungiyar taimakon kai da kai a cikinsa, ko ta manoman masara da auduga ce, ko ta mata masu sarrafa waken suya, ko kuwa kwamitin marayu na masallacin Juma'a. Kuma kowace daga cikinsu tana da ma'aji wanda aka ɗora wa amanar rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Littafin ma'aji yana bin kwanaki ne, abin da aka kashe jiya a sama, na yau a ƙarƙashinsa, amma tambayar da ake yi masa ran taro ba ta bin kwanaki, domin dattijon da ya ɗaga hannu cewa zai yi, "Malam Ma'aji, nawa muka kashe a kan sufuri a watan Yuni, kuma me ya sa ya ɗara na Mayu?" Amsar tana cikin littafin, sai dai a warwatse take cikin shafuka da yawa. Ƙungiyar da ta yi rajista da amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ƙasa kuwa, dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta mata ajiye littattafan lissafi da miƙa bayanin shekara, masu ba da tallafi su ma sukan nemi a nuna musu inda kuɗinsu ya tafi filla-filla.

Hanyar da ma'ajin da ya saba da takarda yake bi ita ce ya baje rasitai a tabarma, ya ware na taki gefe guda, na mota gefe guda, sa'an nan ya sake raba kowane tuli bisa watanni, ya tattara jimlar kowanne. Wannan aikin shi ne ainihin abin da jadawalin taƙaitawa, wanda za ku ga an rubuta sunansa PivotTable a cikin Excel, yake yi cikin ƙiftawar ido, ba tare da ya taɓa ko ya sauya wani abu a littafin asali ba. Za mu bi misalin wata ƙungiyar manoma da muka ƙaddara tana da ofis a Malumfashi, tana sayo iri da taki daga Funtuwa tana raba wa membobinta da iyayen marayu, cikin watanni uku na farkon damina, wato Mayu da Yuni da Yuli na 2024. Lambobin duka na koyo ne, an tsara su don darasin nan.

Sharuɗɗan littafin asali

Kafin a kai ga jadawalin, wajibi ne littafin da ke cikin kwamfuta ya cika wasu sharuɗɗa, kuma mafi yawan wahalar da ɗalibai ke sha daga baya a nan tushenta yake. Sharaɗi na farko shi ne kowane kashe kuɗi guda ya sami layinsa guda, a kwance, kowane irin bayani kuma ya sami ginshiƙinsa guda, a tsaye, da suna a kansa a layin farko. Ginshiƙai shida sun wadatar da ƙaramar ƙungiya, ga kuma yadda layuka huɗu daga cikin sittin na misalinmu suke:

```
Kwana        Rasit  Bayani                  Rukuni       Asusu    Kuɗi
14-May-2024  007    Irin masara             Iri da taki  Tallafi  120000
11-Jun-2024  024    Takin kamfa             Iri da taki  Tallafi  400000
12-Jun-2024  025    Mota, Funtuwa zuwa Ƙafur Sufuri      Membobi  48000
05-Jul-2024  044    Abincin mahalarta       Taro         Membobi  27500
```

Sharaɗi na biyu shi ne a bar duk wata ƙawa da aka saba yi wa littafin takarda. Kada a bar layi fanko tsakanin wata da wata, kada a haɗe gidaje biyu su zama ɗaya don a rubuta sunan wata da manyan baƙaƙe, kuma, wanda ya fi kowanne muhimmanci, kada a sa layin jimla a ƙarshen kowane wata a cikin littafin, saboda jadawalin ba ya bambance jimla da kashewa, zai ɗauke ta a matsayin wani kuɗin da aka fitar ya ƙara a kan sauran. Idan kuma aka bar kan wani ginshiƙi babu suna, Excel zai ƙi gina jadawalin ɗungurungum, ya nuna saƙon da ya fara da `The PivotTable field name is not valid`.

Ginshiƙin Rukuni ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne wurin da hankalin mutum yake aiki, ba na na'ura ba. Bayani yana iya zama kowane iri, yau a rubuta "man babur", gobe "kuɗin mota zuwa Bakori", jibi "'yan dako a tasha". Amma rukunin waɗannan ukun ɗaya ne, Sufuri, kuma lalle ne a rubuta shi da siffa ɗaya a ko'ina. Shawarata ita ce kwamiti ya zauna tun farkon shekara ya amince da rukunai kaɗan, daga biyar zuwa takwas, waɗanda suka yi daidai da kanun kasafin kuɗin ƙungiya, a kuma yanke hukunci a kan abubuwan da ke da fuska biyu, kamar kuɗin motar da ta ɗauko taki, shin sufuri ne ko kuwa yana cikin tsadar takin. Ko wanne aka zaɓa ya halatta, muddin an dawwama a kansa. Abin da ke ɓata rahoto shi ne a sa shi a sufuri a watan Mayu, a mayar da shi taki a watan Yuni. Rukunin nan da ake kira "Sauransu" kuma a yi hattara da shi, don idan ya kumbura har ya wuce wasu rukunai masu suna, to alama ce akwai abin da ya kamata a ba shi sunansa. A misalinmu rukunai biyar ne: Alawus, Iri da taki, Ofis, Sufuri, Taro. Domin a toshe ƙofar kuskuren rubutu, sai a zaɓi ginshiƙin, a shiga `Data`, a danna `Data Validation`, a zaɓi `List`, a rubuta sunayen biyar. Daga nan mai shigar da lissafi zaɓa kawai zai riƙa yi daga jerin da ya sauko masa.

Da an gama wannan, sai a danna ko'ina cikin littafin, a latsa `Ctrl+T`, a tabbata an sa alama a kan `My table has headers`. Fa'idar wannan mataki ita ce littafin ya zama tebur mai faɗaɗa kansa, ta yadda layukan watan Agusta da za a ƙara a ƙasa za su shiga cikin iyakarsa. Wanda ya tsallake shi, ya ja iyaka da hannu daga layi na 1 zuwa na 61, zai wayi gari jadawalinsa bai san da layi na 62 ba.

Gina jadawalin

Ginin kansa gajere ne. A danna cikin teburin, a shiga `Insert`, a zaɓi `PivotTable`, a amince a ajiye shi a `New Worksheet`. Wani fili zai buɗe a hannun dama mai suna `PivotTable Fields`, da sunayen ginshiƙanmu shida a sama, da akwatuna huɗu a ƙasa. A ja Rukuni a saka a akwatin `Rows`, sai rukunai biyar su jeru daga sama zuwa ƙasa. A ja Kuɗi a saka a `Values`, sai jimlar kowane rukuni ta bayyana a gabansa. A ja Kwana a saka a `Columns`. Excel na 2016 da waɗanda suka biyo bayansa sukan tattara kwanakin su zama watanni da kansu. Idan hakan bai faru ba, sai a danna wani kwana a jadawalin da maɓallin dama, a zaɓi `Group`, a sa alama a kan `Months` da `Years` gaba ɗaya. Dalilin haɗawa da shekara shi ne, idan littafin ya ƙunshi damina biyu aka zaɓi watanni kaɗai, takin Yunin bara da na Yunin bana za su narke cikin gida ɗaya, kuma babu wata alama da za ta faɗakar da mai karatu. Abin da ya kamata ya fito, idan komai ya tafi daidai, shi ne wannan:

```
Sum of Kuɗi   May      Jun      Jul      Grand Total
Alawus        60,000   60,000   60,000     180,000
Iri da taki  185,000  640,000  215,000   1,040,000
Ofis          14,500    9,000   11,500      35,000
Sufuri        38,000   92,000   45,000     175,000
Taro          42,500            27,500      70,000
Grand Total  340,000  801,000  359,000   1,500,000
```

Duk wanda ya san damina a kudancin Katsina zai karanta wannan jadawali ya ga kakar noman a cikinsa: iri a Mayu lokacin da ake sa ran saukar ruwan shuka, babban sayen taki a Yuni tare da hauhawar kuɗin motar da ta ɗauko shi, ragowar takin yuriya na zubi na biyu a Yuli, taro kuwa babu shi a Yuni domin kowa yana gona. Gidan da ya fito fanko ma'anarsa babu layi ko ɗaya mai wannan rukuni a wannan wata, kuma ya fi kyau a rahoto a nuna sifiri a wurin don kada a zaci mantuwa aka yi. Ana samun haka a `PivotTable Options`, a rubuta 0 a gaban `For empty cells show`.

Tabbatar da jimla

Sai dai ba kasafai jadawali yake fitowa haka a karon farko ba, kuma a nan ne ma'aji mai amana yake bambanta da wanda ya iya danne-danne kawai. Jadawalin kamar sikelin awon auduga yake, nauyin abin da aka ɗora masa yake faɗa, bai san ko akwai dutse a buhun ba, bai kuma san an bar wani buhu a waje ba. Saboda haka kafin a gaskata ko lamba ɗaya a cikinsa, wajibi ne a samo jimlar kashewa ta wata hanya wadda ba ta bi ta cikin kwamfuta ba. A ɗauki abin da ƙungiya take da shi ran 1 ga Mayu, na banki da na hannu, a ce naira 420,000. A ƙara abin da ya shigo cikin watanni ukun bisa takardar banki da littafin karɓar kuɗi, naira 1,300,000. A cire abin da ya rage ran 31 ga Yuli bayan an ƙirga na akwati an duba na banki, naira 220,000. Abin da ya saura, naira 1,500,000, shi ne kuɗin da haƙiƙa ya bar hannun ƙungiya, kuma shi ne lambar da ya wajaba a gani a kusurwar ƙasa ta dama.

To, mu ƙaddara ma'ajinmu ya ja Kuɗi zuwa `Values`, sai ya ga an rubuta `Count of Kuɗi` a sama, gaban Sufuri kuma an sa 17, jimlar duka 60. Wannan ƙirgen layuka ne, ba tarin kuɗi ba, kuma yawanci Excel yakan koma ga ƙirge ne idan ya tarar da rubutu a ginshiƙin da ya kamata ya zama lambobi zalla. Gyaran da kowa ke gaggawar yi shi ne ya buɗe `Value Field Settings` ya zaɓi `Sum`, kuma lalle jadawalin zai koma nuna kuɗi; amma cutar tana nan, alamarta kawai aka share. Jimlar da ta fito yanzu naira 1,452,000 ce, ta gaza ta haƙiƙa da naira 48,000, Sufurin Yuni kuma ya nuna 44,000 maimakon 92,000. Sababin shi ne, a layin rasit mai lamba 025, wanda ya shigar da lissafin ya rubuta `N48,000` da harafin N a gaba, kamar yadda hannu ya saba a takarda, sai Excel ya ɗauke shi kalma, kalma kuwa a wajen tara kuɗi daidai take da sifiri. Ku lura da wannan da kyau: da ma'ajin ya gwada jadawalin da `=SUM(F2:F61)`, da ya sami 1,452,000 ɗin nan dai, ya natsu a kan kuskure, domin su biyun makanta ɗaya gare su. Shi ya sa muka ce a nemo shaida daga banki da akwati.

Ana gane irin wannan layi da ido, saboda lamba takan jingina da gefen dama na gidanta, rubutu kuwa da gefen hagu, matuƙar ba a sauya tsarin ba. Idan layukan suna da yawa, wannan ƙa'ida za ta faɗi adadin gidajen da ke ɗauke da rubutu a ginshiƙin kuɗi, kuma amsar da ake so ita ce sifiri:

```
=COUNTA(F2:F61)-COUNT(F2:F61)
```

Bayan an gyara layin an rubuta 48000 tsurarsa, ma'aji zai koma jadawalin ya tarar bai sauya ba, kuma wannan ɗabi'arsa ce, domin yana aiki ne da kwafin littafin da ya ɗauka lokacin da aka gina shi. Sai an danna shi da maɓallin dama an zaɓi `Refresh`, ko an latsa `Alt+F5`, sa'an nan zai sake karanta littafin. Ya kamata wannan ya zama al'ada kafin kowace bugawa, don ana iya kai wa kwamiti jadawalin da ya kwana wata guda bai ga sababbin rasitai ba alhali kamanninsa lafiya lau.

Idan kuwa jimlar jadawali ta haura ta haƙiƙa, to a nemi abin da aka ƙirga sau biyu. Wanda ya fi yawan aukuwa a ƙananan ƙungiyoyinmu shi ne kuɗin da aka ciro daga banki aka sa a akwati, ko aka ba sakatare ya tafi da shi kasuwar Funtuwa: an rubuta naira 100,000 ran da aka ciro a matsayin kashewa, sa'an nan da ya dawo da rasitai aka sake rubuta kowannensu. Ciro kuɗi daga banki ba kashewa ba ne, sauya masa mazauni ne daga wani aljihun ƙungiya zuwa wani, kuma ba shi da wuri a wannan littafi. Rasitan da aka dawo da su su ne kashewa, canjin da ya rage kuma ya koma akwati. Jimlar da ta ninka ta haƙiƙa cif-cif kuwa, kusan kullum layin jimla ne ya shiga cikin teburin.

Kurakuran da jimla ba ta tonawa

Akwai wasu kurakurai biyu da suka fi waɗancan ɓuya, saboda jimlar ƙarshe takan fito daidai alhali cikin jadawalin ya karkace. Na farko mai sauƙi ne: a ga Sufuri ya fito sau biyu a jere, kowanne da nasa kuɗin. Excel ba ya damuwa da babban baƙi ko ƙarami a nan, amma yana ganin tazarar da yatsa ya ƙara a bayan kalma, wadda idon mutum ba ya gani, haka kuma "Sufuri" da "Sufiri" abubuwa biyu ne a wurinsa. Idan aka ga `(blank)` a cikin jerin rukunai, to akwai layin da aka manta ba a ba shi rukuni ba. Maganin duka a littafin asali yake, ba a jadawalin ba.

Na biyu shi ne na kwanan wata, kuma ya fi kowanne wahalar da masu lissafi a ƙasar nan. Mu a Nijeriya rana muke fara rubutawa sa'an nan wata, amma kwamfutoci da yawa da ake sayowa an saita su bisa tsarin Amirka, inda wata ke gaba. A irin wannan kwamfuta, wanda ya rubuta `05/07/2024` yana nufin 5 ga Yuli, na'urar za ta karɓa ba gardama ta ajiye shi a matsayin 7 ga Mayu. Wanda kuma ya rubuta `25/06/2024`, da yake babu wata na ashirin da biyar, sai ta bar shi a matsayin rubutu. Mu ƙaddara rasit mai lamba 044 an shigar da shi ne a kwamfutar sakatare mai wannan saiti: naira 27,500 na taron Yuli za su koma Mayu, Taron Mayu ya zama 70,000, na Yuli ya fito fanko, jimlar 1,500,000 kuwa tana nan ba ta motsa ba. Wanda ya halarci taron Yuli ne kaɗai zai ce a'a. Alamomin wannan cuta su ne a ga watan da bai zo ba tukuna ya bayyana a jadawali, ko watan da ba a yi komai a cikinsa ba, ko kuma Excel ya ƙi tattara kwanakin ya ce `Cannot group that selection`. Rigakafinta shi ne a riƙa rubuta watan da baƙaƙe, kamar `5-Jul-2024`, a kuma saita ginshiƙin ya nuna `dd-mmm-yyyy`, domin kuskuren ya bayyana tun a lokacin shigarwa. Kuma a gwada jimlar kowane wata da takardar bankin wannan watan da ƙirgen akwati, kada a tsaya ga jimlar ƙarshe kaɗai.

Watannin da Excel ke tattarawa na kalandar Miladiyya ne. Ƙungiyar da ke ciyarwa da azumi ta tuna cewa Ramadan na 2024 ya faro a Maris ya ƙare a Afrilu, don haka kuɗin ciyarwar zai rabu gida biyu. Idan ana son ganinsa a dunƙule, sai a ƙara ginshiƙi mai suna Aiki a rubuta Ramadan a gaban layukansa, a ja shi zuwa `Rows`.

Amsa tambayar kwamiti

Yanzu mu koma ga Sufurin Yuni da ya tashi daga 38,000 zuwa 92,000. Idan aka danna gidan da ke ɗauke da 92,000 sau biyu a jere, Excel zai buɗe sabon shafi ya jero duk layukan da suka taru suka ba da wannan lamba, da kwanakinsu da lambobin rasitansu, sai ma'aji ya nuna cewa naira 48,000 daga ciki motar taki ce guda ɗaya zuwa Ƙafur, ya zaro rasit na 025 ya miƙa. Wannan shafin kwafi ne, gyara a cikinsa ba ya isa littafin asali, a share shi bayan an gama. Idan kuma aka so a san rabon kowane rukuni, sai a danna wata lamba da maɓallin dama, a zaɓi `Show Values As`, sa'an nan `% of Grand Total`. Za a ga iri da taki sun ɗauki kimanin kashi 69 cikin ɗari, alawus kashi 12, ofis kuwa bai kai kashi 3 ba, wanda shi ne irin bayanin da mai ba da tallafi yake fara dubawa.

Ginshiƙin Asusu, wanda ba mu taɓa ba tukuna, shi ne mai tsare amanar kuɗin da aka bayar da sharaɗi. Kuɗin membobi ƙungiya tana iya sarrafa shi yadda tsarin mulkinta ya yarda, amma tallafin da aka bayar don taki ba a biyan hayar ofis da shi, zakka kuwa tana da masarifanta takwas da Alƙur'ani ya ƙayyade a Suratut Tauba, ba a fitar da ita daga cikinsu. A ja Asusu zuwa akwatin `Filters`, a zaɓi Tallafi, sai jadawalin ya nuna abin da aka kashe daga wannan asusu kaɗai. Idan aka ga Ofis ko Taro sun bayyana a ƙarƙashinsa, to ko dai kuskuren shigarwa ne, ko kuwa an taɓa abin da bai kamata ba, kuma gara kwamiti ya gano da kansa ya mayar tun kafin mai binciken kuɗi ya iso. Bayan an gama a mayar da zaɓin zuwa `(All)`, domin jadawalin da aka tace aka manta yakan shiga rahoto da sunan kashewar ƙungiya duka.

Ya kamata a rubuta a ƙarƙashin jadawalin abin da bai ƙunsa ba. Bai san takin da dila ya ba ƙungiya bashi sai kaka ba, tunda kuɗi bai fita ba. Bai san buhunan masarar da wani bawan Allah ya kawo sadaka aka raba wa marayu ba. Bai kuma san kasafin da aka amince da shi ba, sai an kwafe jimlolin an ajiye su kusa da na kasafin a wani shafi. Layi biyu ko uku na bayani sun isa, a ce ana bin ƙungiya bashin kaza, ta karɓi kayan abinci kaza.

Wajen aikawa da rahoton kuma akwai haƙƙin mutane. Fayil ɗin Excel mai jadawali yakan tafi da kwafin littafin a ɓoye a cikinsa ko da an share shafin asali, ta yadda wanda aka aika wa zai iya danna jimla sau biyu ya ga kowane layi, har da sunan bazawarar da aka biya wa kuɗin magani idan an rubuta shi a Bayani. Don haka abin da zai fita daga ofis a mayar da shi PDF, ko a kwafe jadawalin a manna shi a sabon fayil ta hanyar `Paste Special` da `Values`. A sa sunan ƙungiya da watannin da ya ƙunsa a sama, a bayyana cewa lambobin naira ne, ma'aji da shugaba su sa hannu a ƙasa.

Aikin yi

Kowane ɗalibi ya kawo rasitai ko littafin kashewa na watanni uku, na ƙungiyarsa ko na gonarsa, bayan ya rufe sunayen mutane. Ya shigar da su cikin ginshiƙai shida, ya gina jadawalin, ya fitar da jimlar kashewa daga kuɗin farko da abin da ya shigo da abin da ya rage, ya gwada su biyun. Daga nan ya ba abokin zamansa kwamfutar ya juya baya, abokin ya ɓata layuka uku a ɓoye: ya sa N a gaban kuɗi ɗaya, ya juya rana da wata a kwana ɗaya, ya maimaita rasit ɗaya a ƙasan teburin. Mai littafin ya latsa `Refresh`, ya nemo ukun, ya rubuta a takarda alamar da ta kai shi ga kowanne, da kuma wanne ne daga cikinsu jimlar ƙarshe ba ta nuna ba.